Yadda Ake Tsayar da Ƙimar Kuɗin Ɗawainiyar Masana'anta Tun Farkon Shekara

Duk kayan da masana'anta ta ƙera, kuɗi iri uku ne ke shiga cikinsa. Akwai ɗanyen kaya, akwai ladan ma'aikatan da suka yi aikin da hannunsu, sai kuma kuɗin ɗawainiyar masana'antar kanta. Biyun farko ba su da wuyar bin diddigi. Takardar fitar da kaya daga sito za ta nuna ƙarfen da ya tafi kan wane aiki, katin lokaci kuma zai nuna awowin da mai walda ya yi a kansa. Na ukun ne mai gardama. Hayar gini, inshora, wutar lantarki, raguwar darajar injina, albashin shugaban ma'aikata da na masu gyara, man shafawa, duk an kashe su ne saboda a yi aiki, amma babu ko ɗaya da za ka ɗaga ka ce na wannan kabad ɗin ne ban da wancan. Dole a raba su, kuma dole a raba su tun shekara ba ta ƙare ba, domin mai saye yana jiran farashi yau, manaja kuma yana son sanin ribar wata tun kafin wani watan ya yi nisa.

Abin da akantoci ke yi shi ne su tsayar da ƙima ɗaya kafin shekara ta kama, su riƙa ɗora ta a kan kowane aiki har ƙarshenta, sannan su daidaita bambancin. Za mu bi hanyar da misalin masana'antar da ke ƙera kabad na ƙarfe bisa oda. Alƙaluman misali ne kawai, kuma ban sa musu sunan kuɗin wata ƙasa ba. Sa wanda littattafanka ke amfani da shi.

Fara da zaɓen ma'aunin rabo

Kafin ka taɓa lissafi, tambayi kanka: mene ne idan ya ƙaru a masana'antar nan, kuɗin ɗawainiya ke ƙaruwa tare da shi? Amsar ita ce ma'aunin rabonka. Waɗanda aka fi amfani da su su ne awowin aikin ma'aikata, jimillar ladan ma'aikata, da awowin inji. Inda mutane ne ke yin yawancin aikin da hannu, awowin ma'aikata sun dace. A masana'antarmu injin yanka da injin lanƙwasa ne ke shan wuta, su ke cin mai, su ake gyarawa, darajarsu ce ke raguwa. Don haka awowin inji muka ɗauka.

Wannan zaɓi ya fi yadda ake ɗaukarsa nauyi. A ce mun ɗauki awowin ma'aikata. Aikin da ya kwana a kan inji amma mutum ɗaya ne ke kula da shi zai ɗauki ɗawainiya kaɗan, aikin hannu da bai kusanci inji ba kuma ya ɗauki mai yawa. Jimillar kuɗin da aka raba ba za ta canja ba, shi ya sa kuskuren ke ɓuya, amma kamfani zai riƙa karyar da farashin aikin da ya fi cin kuɗi yana tsauwala na wanda bai ci ba. Sharaɗi na biyu shi ne ma'aunin ya zama abin da ake rubutawa a kan kowane aiki. Idan babu mai rubuta awowin da inji ya yi wa kowace oda, to sai an fara gyara wannan.

Kiyasta awowi tukuna, sannan kuɗi

Mutane da yawa suna farawa da kuɗi. Awowi ne ya kamata su zo farko, domin wani ɓangare na ɗawainiya yana bin yawan aiki. Sashen tallace-tallace ya faɗi abin da yake sa ran sayarwa, sashen ƙira ya mayar da shi awowi. A misalinmu an kai ga awa 40,000 na inji a shekara. Wannan adadi ya kamata ya zama na aikin da aka saba samu idan an cire ranakun hutu, lokacin gyara da tsayawar da ba makawa. Kada a ɗauki iyakar abin da injina za su iya in ba su taɓa tsayawa ba.

Da awowi suka tsaya, sai a tara kasafin ɗawainiya a kan wannan matakin aiki. Ga na masana'antarmu:

- Haya da inshorar masana'anta: 240,000
- Raguwar darajar injina: 300,000
- Albashin shugabannin ma'aikata da masu gyara: 360,000
- Wutar lantarki: 180,000
- Mai, man shafawa da ƙananan kayan amfani: 120,000

Jimilla 1,200,000. Lura da cewa ukun farko, wato 900,000, tsayayyu ne, ko an yi aiki ko ba a yi ba sai an biya su. Biyun ƙarshe, 300,000, suna hawa da sauka tare da aikin inji, kimanin 7.5 a kowace awa. Riƙe wannan rabuwa da kyau, domin ita ce za ta bayyana kusan duk abin da zai biyo baya. A zahiri kuɗin wuta yakan ƙunshi ɗan ɓangare tsayayye, amma mun ɗauke shi duka mai motsi don misalin ya fito fili.

Abin da bai kamata ya shiga wannan kasafi ba shi ne kuɗin talla, kamashon masu sayarwa, kuɗin kai kaya wurin mai saye, da albashin babban ofishi da bai shafi ƙira ba. Waɗannan kuɗin lokaci ne, ana cire su daga ribar watan da aka kashe su, ba sa bin kaya zuwa sito. Idan ginin ɗaya ne ya haɗa ofis da masana'anta, sai a raba hayar, galibi bisa faɗin wurin da kowane ya ci.

Raba

Lissafin kansa layi ɗaya ne:

Ƙimar ɗawainiya = kiyasin jimillar ɗawainiya ÷ kiyasin jimillar ma'aunin rabo

1,200,000 ÷ 40,000 = 30 a kowace awar inji.

Sama kiyasi, ƙasa kiyasi. Babu alƙalamin zahiri ko ɗaya a ciki, domin shekarar ba ta fara ba. Kuma dole na sama da na ƙasa su fito daga matakin aiki ɗaya. Idan aka sake shawara aka ce awa 50,000 za a yi, ba a raba 1,200,000 da 50,000 a sami 24. Ɓangare mai motsi zai tashi zuwa 375,000, jimilla ta koma 1,275,000, ƙima ta zama 25.5.

Ɗora ta a kan aiki

Nan ne kiyasi ke haɗuwa da zahiri. Ƙimar ta kiyasi ce, amma awowin da za a ninka ta da su na gaske ne, waɗanda inji ya yi wa wannan aikin:

Ɗawainiyar da aka ɗora = ƙima × ainihin awowin da aikin ya ci

An kawo odar kabad 50. Takardun sito sun nuna ɗanyen kaya na 9,000. Katunan lokaci sun nuna ladan ma'aikata 4,000. Littafin inji ya nuna awa 200. Ɗawainiyar da za a ɗora ita ce 200 sau 30, wato 6,000. Jimillar kuɗin aikin 19,000 ke nan, kowane kabad ya tsaya a kan 380. Ranar da aka gama fenti, ranar akanta zai rufe takardar aikin. Ba ya jiran takardar kuɗin wuta, ba ya jiran komai.

A littafi, asusun ɗawainiya yana karɓar shigarwa iri biyu, kuma kada a cakuɗa su. Duk lokacin da aka kashe kuɗi na gaske, kamar biyan haya ko sayen man shafawa, ana rubuta shi a ɓangaren hagu na asusun. Duk lokacin da aka ɗora ɗawainiya a kan aiki, ana rubuta adadin a ɓangaren dama na asusun, a kuma sa shi a hagun asusun kayan da ke kan aiki. Kuɗin zahiri ba ya shiga takardar wani aiki kai tsaye. Yana taruwa a hagu, abin da aka ɗora yana taruwa a dama, tazarar da ke tsakaninsu kuma ita ake dubawa.

Me ya hana a yi amfani da kuɗin zahiri?

Tambaya ce mai kyau, kuma duk mai hankali sai ya yi ta. Ga alƙaluma na gaske, me zai sa a bar su a kama kiyasi? Hanya biyu ce kawai ta yin aiki da kuɗin zahiri, kowace kuma tana da cikas.

Ta farko ita ce a jira ƙarshen shekara, a tara duk abin da aka kashe, a raba da duk awowin da aka yi. Ƙimar da za ta fito daidai ce ƙwarai, sai dai ta zo a makare. Odar da aka gama a watan biyu ba za a san kuɗinta ba sai bayan wata goma. Ba za a iya ba mai saye farashi da hujja ba, ba za a iya ƙiyasta darajar kayan da ke sito don rahoton wata ko na zango ba, ba kuma za a gane aikin da ke jawo asara ba sai an maimaita shi sau da yawa.

Ta biyu ita ce a riƙa fitar da ƙimar zahiri wata-wata. Wannan ta fi jan hankali, ita ce kuma ta fi ɓarna. Mu koma masana'antarmu. Tsayayyen kuɗi 900,000 a shekara yana nufin 75,000 a kowane wata. A watan da oda ta yi yawa injina suka yi awa 5,000. Kuɗi mai motsi ya zama 37,500, jimilla 112,500, ƙimar watan ta fito 22.5. A watan da kasuwa ta yi sanyi suka yi awa 1,500 kawai. Mai motsi ya sauka zuwa 11,250, amma haya da albashi da raguwar daraja suna nan yadda suke, jimilla 86,250. Raba da 1,500, ƙima ta haura 57.5.

Yanzu ɗauko odar nan ta kabad 50 mai awa 200. Idan a watan cunkoso aka yi ta, ɗawainiyarta 4,500 ce, jimilla 17,500, kowane kabad 350. Idan a watan sanyin kasuwa ne, ɗawainiyarta 11,500, jimilla 24,500, kowane kabad 490. Ƙarfe ɗaya, ma'aikata ɗaya, inji ɗaya, awowi ɗaya, amma tazarar 140 a kan kowane kabad. Babu abin da ya canja a kabad ɗin. Yawan sauran ayyukan da suka taya shi ɗaukar haya ne ya canja.

Illar ba ta tsaya a takarda ba. Manajan da ke sa farashi bisa wannan lissafi zai ɗaga farashi daidai lokacin da masu saye suka yi ƙaranci, sai su ƙara gudu, awowi su ƙara raguwa, ƙimar wata mai zuwa ta ƙara tashi. A lokacin da injina suka cika maƙil, lokacin da ya fi dacewa ya riƙe farashinsa, sai lissafin ya ce masa kaya sun yi araha. Wannan shi ne babban dalilin, a ganina, kuma ya isa shi kaɗai.

Akwai kuma matsala daga ɓangaren kuɗin kansa. Ɗawainiya ba ta zuwa daidai wa daida. Babban gyaran inji da ake yi sau ɗaya a shekara yakan faɗo a wata guda, alhali tsufan da ya jawo shi na watanni goma sha biyu ne. Kuɗin ɗumama ko sanyaya gini yana bin yanayi, ba ya bin yawan kaya. A ce gyaran 60,000 ya faɗo a watan da aka yi awa 3,000. Shi kaɗai zai ƙara 20 a kan kowace awa ta watan, a ɗora wa ayyukan da laifinsu kawai shi ne sun zo a lokacin. Ga kuma jinkirin takardu: kuɗin wutar wannan wata sau da yawa sai wata na gaba ake saninsa, wasu kuɗaɗen ma sai an rufe shekara. Ko da an so yin aiki da zahiri, a ranar da ake buƙatarsa bai gama bayyana ba.

Ƙimar shekara tana shimfiɗa duk wannan hawa da sauka a kan awowin shekara gaba ɗaya. Kowace awar inji tana ɗaukar 30, ko a watan ɗaya ko a watan takwas.

Ƙarshen shekara: gibi ko rara

Kiyasi ba ya faɗawa daidai, kuma ba a sa ran zai faɗa. A ce shekara ta ƙare, ainihin ɗawainiyar da aka kashe 1,190,000, ainihin awowin inji 38,000. Abin da aka ɗora a kan ayyuka shi ne 38,000 sau 30, wato 1,140,000. Hagun asusu ya fi dama da 50,000. Wannan gibi ne: an kashe fiye da abin da aka ɗora wa kaya, don haka kuɗin kayan da littafi ya nuna ya gaza na gaskiya, ribar da aka riƙa bayyanawa kuma ta ɗan zarce. Da dama ce ta fi hagu, da rara ke nan, an ɗora fiye da abin da aka kashe.

A nan ne masu koyo ke yawan zamewa. Sai su kwatanta 1,190,000 da kasafin 1,200,000, su ce ai an yi tsimin 10,000, rara ce. A'a. Kasafi ya gama aikinsa tun ranar da aka fitar da 30. Kwatancin ƙarshen shekara tsakanin abin da aka kashe ne da abin da aka ɗora. Wani kuskuren kuma shi ne ninka 30 da awa 40,000 na kiyasi, wanda kullum zai maido maka da kasafin da ka fara da shi, bai gaya maka komai ba.

Kada ka tsaya a kan adadin gibin, bincika daga ina ya fito. A awa 38,000, nawa ya kamata a kashe? Tsayayye 900,000, mai motsi 38,000 sau 7.5, wato 285,000, jimilla 1,185,000. An kashe 1,190,000, don haka wuce gona da iri a kashe kuɗi 5,000 ne kacal. Sauran 45,000 fa? Cikin kowace 30, akwai 22.5 na tsayayyen kuɗi, wato 900,000 a raba da 40,000. An rasa awa 2,000 da aka sa ran yi, kowace kuma da ta ɗauke 22.5. Ninka su, 45,000 cif. Kashi tara cikin goma na gibin daga ƙarancin aiki ya fito. Idan mai kamfani ya kira shugaban ma'aikata yana masa faɗan almubazzaranci a kan 50,000, ya yi kuskuren ƙofa. Maganar ta fi shafar waɗanda suka kiyasta oda da waɗanda ke nemo ta.

Daga nan sai a rufe asusun. Idan gibin ƙarami ne idan aka auna shi da girman harkar, hanya mafi sauƙi ita ce a tura shi duka cikin kuɗin kayan da aka sayar. Gibi yana ƙara wannan kuɗi, riba ta ragu da 50,000. Rara kuma tana rage shi. Idan babba ne kuma akwai kaya da yawa da ba a sayar ba, ana raba shi tsakanin wurare uku da ɗawainiyar ta sauka, gwargwadon abin da kowane ke ɗauke da shi. A ce cikin 1,140,000 da aka ɗora, 114,000 na cikin kayan da ke kan aiki, 171,000 na cikin kayan da aka gama suna sito, 855,000 na cikin waɗanda aka sayar. Wato kashi 10, 15 da 75 cikin ɗari. Gibin zai rabu 5,000, 7,500 da 37,500.

Sai dai a yi hattara da wannan rabon. Ƙa'idar lissafi ta ƙasa da ƙasa kan kayan ajiya, IAS 2, ta ce a raba tsayayyen kuɗin ƙira bisa matakin aikin da aka saba, kuma kada a ƙara abin da kowane kaya ke ɗauka saboda aiki ya yi ƙasa ko injina sun zauna. Abin da bai rabu ba ana cire shi a matsayin kuɗin wannan lokacin. Don haka a kamfanin da ke bin wannan ƙa'ida, 45,000 ɗinmu na ƙarancin aiki ba na ɓoyewa a sito ba ne, daga ribar bana zai fita. Ƙa'idar ta kuma ce a shekarar da aka yi aiki fiye da kima a rage abin da kowane kaya ke ɗauka, don kada darajar kayan sito ta wuce abin da aka kashe da gaske.

Yadda za ka gane ƙimar ta lalace

Gibi a watan sanyin kasuwa da rara a watan cunkoso ba alamar matsala ba ne. Haka tsarin yake aiki, su za su cinye juna. A misalinmu, watan awa 1,500 zai ɗora 45,000 alhali an kashe 86,250, watan awa 5,000 kuma ya ɗora 150,000 a kan 112,500. Abin lura shi ne jimillar da ke taruwa tun farkon shekara. Idan ta ci gaba da tafiya gefe ɗaya wata bayan wata, har a lokacin da ya kamata ta juyo, to ɗaya daga cikin kiyasin biyu ya kauce. Rasa babban mai saye, sayen sabon inji mai tsada, ko tashin kuɗin wuta da zai daɗe, duk dalilai ne da suka isa a sake lissafa ƙimar a tsakiyar shekara don sauran watannin. Gyara guda da aka riga aka sa a kasafi bai isa ba.

Alama ta biyu ba ta fitowa a asusun ɗawainiya sam. Asusu na iya rufewa kusan daidai, amma ka ga kamfani kullum yana cin odar da ke cin inji yana faɗuwa a odar aikin hannu, ko akasin haka. Wannan yana nuna ƙima ɗaya ba ta wadatar da masana'antar duka ba. Idan sashen yanka na inji ne, sashen haɗawa da fenti kuma na hannu, sai a tara ɗawainiyar kowane sashe daban, na farko a raba da awowin inji, na biyu da awowin ma'aikata, kowane aiki ya ɗauki rabonsa daga sassan da ya ratsa. Matakan ba su canja ba, sau biyu kawai za a bi su, kuma takardar kowace oda za ta buƙaci layi biyu na awowi maimakon ɗaya.